Jaki da amalanke: a kan wa kowane ƙarfi yake sauka?

"Malam, ni ɗalibi ne a ajin tarminal a nan Tawa. An koya mana cewa in jaki ya ja amalanke, ita ma tana jan sa baya da ƙarfi daidai da nasa. To in na haɗa biyun ai sifili ke nan, yaya aka yi take tafiya? Kuma a jarrabawar fizik na rubuta cewa P da R na littafin da ke kan tebur, wato nauyinsa da turin da tebur yake yi masa, su ne aksiyon da reyaksiyon, malaminmu ya soke da jan biro. Ina kuskuren yake?"

Ɗana, malaminka yana da gaskiya, kuma tambayoyinka biyu tushensu ɗaya. A ta farko ka ɗauki ƙarfi biyu da ke kan abubuwa biyu daban ka tara su kamar a kan abu ɗaya suke. A ta biyu ka ga ƙarfi biyu a kan abu ɗaya, sun yi daidai, sai ka ce su ne abokan juna na doka ta uku. Duka biyun sun fito ne daga rashin tambayar abu guda: wannan ƙarfin, wa yake yin sa, kuma a kan wa yake sauka?

Dokar da kake magana a kai ita ce ta uku cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687. Abin da ta ce shi ne, in A ya yi wa B ƙarfi, to a daidai wannan lokacin B ma yana yi wa A ƙarfi mai girma ɗaya, a kan layi ɗaya, amma ya juya wa na farko baya. A littafinku an rubuta F(A/B) = −F(B/A). Dubi haruffan da kyau. Na farko a kan B yake sauka, na biyu a kan A. Tun a rubutun dokar an riga an raba musu gida.

Ita kuwa doka ta biyu, ΣF = m·a, abu ɗaya take kallo. A nan ΣF shi ne jimillar ƙarfi, m shi ne yawan kilon abin, harafin a kuma yadda gudunsa yake canjawa a kowace daƙiƙa. Ka zaɓi abin da kake nazari, wanda kuke kira sistem, ka tara kowane ƙarfi da yake sauka a kansa shi kaɗai, jimillar ce za ta gaya maka ko gudunsa zai ƙaru, ko zai ragu, ko zai zauna yadda yake. Ƙarfin da abin yake yi wa wasu ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan. Saboda haka jan da jaki yake yi wa amalanke yana cikin lissafin amalanke, jan da amalanke take yi wa jaki yana cikin lissafin jaki. Ba su taɓa haɗuwa a layi ɗaya ba, balle su kashe juna.

Mu yi lissafin da lambobi

Ɗauki irin amalanken da ake ɗora wa jarkokin ruwa. Lambobin nan ni na zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. Mu ce jakin kilo 150 ne, amalanke da kayanta kilo 350, hanya kuma a miƙe take, ba hawa ba gangara. Mu duba abin da ke faruwa gaba da baya kawai, tunda sama da ƙasa babu motsi.

A kan amalanke ƙarfi biyu ne. Jaki yana jan ta gaba, mu kira shi T. Ƙasa tana turje wa tayoyinta, tana riƙe ta baya, mu ce niyuton 250. Niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi, ana rubuta shi N.

A kan jaki ma biyu ne. Amalanke tana jan sa baya da T ɗin nan, girma ɗaya, a nan ne doka ta uku ta yi aikinta. Na biyun shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi, alhali shi ne mai tafiyar da komai: ƙasa tana tura jakin gaba. Jaki yana kafa kofatonsa ya tura ƙasa baya, ƙasa kuma ta tura shi gaba da ƙarfi daidai da wannan. Ka tsaya bayan jakin da ya tashi da kaya a kan rairayi, za ka ga yashi yana fallatsa baya daga ƙarƙashin kofato. Wannan turin da ya yi wa ƙasa ke nan. Mu ce ƙasa ta tura shi gaba da niyuton 400.

Yanzu ga lissafi biyu, kowa da nasa, kuma a ɗinsu ɗaya ne tunda a ɗaure suke.

Na amalanke: T − 250 = 350·a

Na jaki: 400 − T = 150·a

In ka tara layukan biyu, T ya fita, ya rage 150 = 500·a, wato a = 0,3 m/s². Ka mayar da shi layin farko, T = 250 + 105 = 355 N. Duba na jaki ka tabbatar: 400 − 355 = 45, kuma 150 × 0,3 = 45. Ya yi daidai.

Ka ga abin da ya faru. Jaki yana jan amalanke da niyuton 355, amalanke tana jan jaki da niyuton 355, ba ragi ba ƙari, kuma duk da haka suna tafiya. Amalanke ta tashi ne don 355 ya fi 250. Jaki ya tashi ne don 400 ya fi 355. Kowanne abin da ya sauka a kansa ne ya motsa shi.

Na fi son ka zauna a kan abin da ke biye, don a nan ne fahimtar take zama daram. Bayan daƙiƙa 4 gudunsu ya kai 1,2 m/s, tafiyar jaki ta yau da kullum, ya wuce kilomita 4 a awa da kaɗan. Jakin ya sassauta, ya riƙe wannan gudun, ba ƙari. Yanzu a = 0. Lissafin amalanke ya ba da T = 250, na jaki ya nuna ƙasa tana tura shi da 250. Jaki yana jan amalanke da 250, ita tana jan sa da 250. Daidai suke.

Sai tayoyin suka nutse a yashin wani kwari, amalanke ta kafe. Jakin ya yi iya yinsa, ya ja da niyuton 600, ko motsi. Yashi ya riƙe ta da 600, ita kuma tana jan jakin baya da 600. Nan ma daidai suke.

Lokacin da suke ƙara gudu, daidai. Lokacin da suke tafiya a natse, daidai. Lokacin da suka kafe, daidai. Abin da bai taɓa canjawa a hali uku mabambanta ba, ba shi ne zai gaya maka a wane hali ake ba. Shi ya sa amsar da na fi gani a takardun ɗalibai, cewa amalanke tana tafiya ne "don jan jaki ya ɗan fi nata", ba ta tsaya ba. Mai wannan amsa ya ji a jikinsa cewa dole wani abu ya rinjayi wani, kuma gaskiya ne, sai dai ya nemi rinjayen a inda babu shi. Rinjayen yana tsakanin jan jaki da turjiyar ƙasa a kan tayoyi, ba tsakanin jaki da amalanke ba.

In kana shakkar cewa ƙasa ce mai turin, ka tuna damina. Iyakar turin da ƙasa za ta iya ba jaki ya dogara ne da nauyinsa da kuma yadda kofato yake kama wurin. Jaki mai kilo 150 nauyinsa kusan niyuton 1500 ne in muka ɗauki g = 10. A busasshiyar ƙasa mai tauri, in adadin gogayya ya kai 0,6, zai iya samun har niyuton 900. A taɓo mai santsi, in adadin ya sauko 0,1, iyakarsa 150 ne, bai ma kai 250 da tayoyi suke nema ba, balle taɓon ya ƙara riƙe su. Jakin shi ne dai, ƙarfin jikinsa bai ragu ba, amma sai zamewa. Dukan da mai shi zai yi masa a wurin zalunci ne kawai, don ba jakin ne ya gaza ba.

Yaushe ne suke kashe juna?

Za ka ce, to ai Malam da ka tara layukan biyu T ya ɓace, ashe dai suna kashe juna. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin zaɓen sistem. Da na tara layukan, na daina kallon jaki daban da amalanke daban, na mai da su abu ɗaya mai kilo 500. A wannan babban sistem, jan da suke yi wa juna ya zama na cikin gida, dukansu biyu suna ciki, jimillarsu sifili. Abin da ya rage shi ne na waje: 400 gaba, 250 baya, duka daga ƙasa. Haka ne kawai abokan doka ta uku suke shiga lissafi ɗaya, wato in ka kewaye A da B duka cikin da'ira ɗaya. Kuma ko a nan, sifilin bai ce ba za a yi motsi ba. Cewa ya yi ƙarfin cikin gida ba zai iya motsa sistem ɗin gaba ɗayansa ba, sai an samu na waje.

Wannan ne dalilin da ya sa yaron da ke zaune a kan amalanken da ta kafe, ko ya dafa katakon gabanta ya tura da duk ƙarfinsa, ba abin da zai ƙara. Hannunsa yana tura ta gaba, ƙafafunsa da mazauninsa suna tura ta baya daidai da haka. In ya diro ya kafa ƙafa a ƙasa ya tura, labari ya canja, don yanzu ƙasa ce take ba shi abin da zai miƙa wa amalanke. Ga kuma rage mata nauyi da ya yi.

Littafi a kan tebur

Yanzu ga wanda ya jawo maka jan biro. Ba kai kaɗai ba ne, kuma akwai dalilin da ya sa tarkon nan yake kama ɗalibai masu ƙoƙari. P da R girmansu ɗaya, layinsu ɗaya, ɗaya yana kallon ƙasa ɗaya yana kallon sama. Sun cika duk sharuɗɗan da aka haddace. Bugu da ƙari, a darasi ana kiran R da sunan reyaksiyon na tebur, sai ɗalibi ya ɗauka ita ce reyaksiyon ɗin doka ta uku. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Ka ba kowannensu cikakken sunansa, ka gani. P shi ne jan da Duniya take yi wa littafi. R shi ne turin da tebur yake yi wa littafi. Duka biyun a kan littafi suke sauka, kuma masu yin su biyu ne daban, Duniya da tebur. Don ka samu abokin kowane ƙarfi, juya sunayen kawai. Abokin "Duniya a kan littafi" shi ne "littafi a kan Duniya": littafin yana jan Duniya sama. Abokin "tebur a kan littafi" shi ne "littafi a kan tebur": littafin yana danna tebur ƙasa. Ashe ƙarfi huɗu ne a wurin, biyu-biyu, kuma P da R ba gidansu ɗaya ba.

Akwai wata alama kuma. Abokan doka ta uku iri ɗaya ne kullum, don fuska biyu ne na mu'amala guda. In ɗaya jan nauyi ne, ɗayan ma jan nauyi ne. In ɗaya na taɓawa ne, ɗayan ma na taɓawa ne. P yana aiki ko babu taɓawa, R kuwa sai an taɓa. Wannan kaɗai ya isa ya raba su.

To me ya sa suka yi daidai? Don littafin ba ya ƙara gudu. Doka ta biyu ce ta ce R − P = m·a, kuma a sifili ne. Daidaitonsu na wannan halin ne kawai, kuma kana iya karya shi yanzu a tsakar gida. Ɗora dutse mai kilo 2 a tafin hannunka, hannun ya zama teburin. P = 20 N. In ka riƙe shi cik, R = 20 N. Ka ɗaga hannun sama da sauri, a ce a = 3 m/s², sai R = 20 + 2 × 3 = 26 N. Za ka ji dutsen ya ƙara danna maka hannu, kuma dannawar ita ma 26 ce, don ita ce abokiyar R ta gaskiya. P kuwa yana nan a 20, bai san ma an yi ba. Sai ka janye hannun gaba ɗaya. R ya zama sifili, P yana nan, dutse ya faɗi. Da abokan juna ne, da ɗaya bai ɓace ya bar ɗaya ba.

Abokin P na gaskiya yana nan ko dutsen yana cikin faɗuwa: yana jan Duniya da niyuton 20. Ɗalibai sukan yi dariya in na faɗi haka. Amma Duniya kusan kilo 6 × 10²⁴ ce, in ka raba 20 da wannan, a ɗinta ya zama wajen 3 × 10⁻²⁴ m/s², abin da babu na'urar da za ta gani. Ƙarfi ɗaya ne, sakamakon ne ya bambanta saboda m. Haka yake in ɗan kabu-kabu ya yi karo da tirela, Allah ya kiyaye. Bugun da babur ya yi wa tirela daidai yake da wanda tirela ta yi masa, amma ɗaya kilo ɗari da wani abu ne, ɗaya tan masu yawa.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi

A aji ba na fara wannan darasi da allo. Ina zuwa da sikeli biyu masu ƙugiya, irin wanda ake rataya kaya a auna, in sarƙe ƙugiyoyinsu, in ba ƙaton ajin ɗaya, in ba mafi ƙanƙanta ɗaya. Kafin su ja, nakan tambayi ajin wane sikeli ne zai nuna lamba babba. Kusan kowa ya ce na ƙaton. Su ja, a duba, lamba ɗaya. In ce ƙaramin ya tsaya kawai kada ya ja, ƙaton ya ja shi kaɗai. Lamba ɗaya. Har lokacin da ƙaton yake jan ƙaramin yana bin sa, lambobin tare suke hawa, tare suke sauka. Daga nan sai in ce su dubi ƙafafun yaran biyu, su gaya mini wa ƙasa ta fi riƙewa. In za ka gwada, ka fara sarƙe su ka ja a hankali ka tabbatar sikelan sun yarda da juna, don na kasuwa sukan saɓa da ɗan kaɗan, kuma wannan saɓanin zai iya rikita ka.

A takarda kuwa, ƙa'idata ba ta da yawa. Kafin ka zana kibiya ko ɗaya, rubuta sunan sistem a saman shafi. Zana abin shi kaɗai, ka cire masa tebur da igiya da jaki, ka bar shi tsirara. Duk kibiyar da za ka ɗora masa, ka rubuta mata suna biyu, mai yi da wanda ake yi wa, kuma suna na biyu dole ya zama sistem ɗin. In ka ga kibiyar da sunanta na biyu wani abu ne daban, kamar "littafi a kan tebur" a zanen littafi, goge ta, ta wani zanen ce. In kuma ka ga kibiyar da ka kasa faɗin mai yin ta, ita ma goge ta. Wadda na fi gogewa ita ce wadda ake zanawa gaba a kan abin da ke tafiya, a kira ta "ƙarfin motsi", alhali babu mai tura shi.

Ina gyaran takarda nakan gane mai wannan kuskure tun kafin in kai ga lambobi. Ko dai T ya fito sau biyu a zanen abu ɗaya, ɗaya gaba ɗaya baya, ko kuma a ɗinsa ya fito sifili a tambayar da ta faɗa ƙarara cewa gudu yana ƙaruwa. In ka ga haka a naka aikin ranar bak, kada ka ɓata lokaci kana neman kuskuren tarawa ko rabawa. Koma zanen.

Inda lissafin nan ya tsaya

Na sauƙaƙa amalanken fiye da yadda take. Mai taya biyu tana ɗora wani sashe na nauyin kaya a bayan jaki ta sandunanta, wannan yana ƙara danna kofatonsa a ƙasa, ya ƙara masa kamu. In kuma aka loda kayan can baya, sandunan su ɗaga, jakin ya rasa kamu, wani lokaci har a ga ƙafafunsa sun bar ƙasa. Turin ƙasa ma ba tsayayye ba ne kamar 400 da na rubuta, yana hawa yana sauka da kowane taku. Duk wannan yana canja lambobi, amma bai taɓa dokar ba.

Sai batun igiya. In igiya ce tsakanin jaki da amalanke, a gaskiya jaki igiya yake ja, igiya kuma ta ja amalanke, wato abubuwa uku ne, da abokai kashi biyu. Muna cewa T ɗaya ne a bakin nan da bakin can don tambaya takan ce a yi watsi da nauyin igiyar. In sarƙa ce mai kilo 10 kuma a = 0,3 m/s², jan da ke bakin jaki zai fi na bakin amalanke da 10 × 0,3, wato niyuton 3. Wannan bambancin doka ta biyu ce a kan sarƙar, kuma a kowane baki abokan juna suna nan daidai.

In ka ci gaba zuwa jami'a a Yamai za ka tarar da wurare biyu da dokar take bukatar gyaran baki. Ƙarfin da kake ji yana tura ka gefe in mota ta sha kwana ba shi da aboki, don babu wani abu da yake yin sa, ya fito ne daga kallon motsi daga cikin motar da take juyawa. Haka kuma tsakanin ƙwayoyi biyu masu cajin lantarki da ke cikin gudu, ƙarfin maganaɗisu da suke yi wa juna ba lallai ya zama kishiyar juna ba, sai an sa filin lantarki da maganaɗisu cikin lissafi. A tambayoyin makanik na tarminal, na tebur da gangara da igiya da kura, dokar tana aiki yadda take a littafinka.